Kuɗin Suna Hanya, Kwanon Ya Dawo

Rumfar da ke gaban shagonmu a Dutse tana yoyo. Duk wanda ya taɓa fakewa a ƙarƙashinta da damina ya san haka, kuma kusan kowa sai ya tsokane ni: mai sayar da kwanon rufi, amma tasa rumfar kamar rariya. Da ina hasala, don ni ba mai dogon haƙuri ba ne. Yanzu sai in matsar wa mutum da benci zuwa inda ba ya ɗiga, in bar shi da dariyarsa.

Shagon na yayana ne, ni na shigo daga baya. Ya buɗe shi tun lokacin da aka mai da Dutse babban birnin jiha, ma'aikata suka yi ta kwararowa, kowa yana neman inda zai sa kansa. Siminti muke sayarwa, da kwanon rufi, da ƙusa da katako. Yaya ya girme ni nesa ba kusa ba, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, saboda haka ko da na yi furfura a gemu, a wurinsa ban wuce yaron da ya sa a makaranta ba. Shi bai yi boko ba. Lissafinsa a ka yake, kuma ban taɓa ganin ya ci kwabon wani ba. Aibinsa ɗaya: idan tsoro ya kama shi, bakinsa yana riga tunaninsa.

A cikin ma'aikatan da suka zo a farkon nan akwai wani malamin asibiti, Kirista, mutumin wajen Filato. Nas ne, amma duk unguwa Likita ake ce masa, shi kuma ya gaji da gyara mana ya bari. Shi ya yi ta zuwa gida yana yi wa mahaifiyarmu allura a ciwonta na ƙarshe, bai taɓa karɓar ko na mai ba. Da yamma idan ya taso aiki yakan tsaya a bencinmu, su yi ta gardamar ƙwallo da siyasa da Yaya har a kira magariba, mu tashi salla, shi ya zauna yana gadin shago. Da aka ƙaddamar da shari'a, wasu daga cikin 'yan'uwansa suka tsorata suka kwashe iyali suka tafi. Shi bai tafi ba. Na ji da kunnena ya ce wa Yaya, "Alhaji, ina za ni? Mutanen da sun san ni suna nan." Har fili ya saya a bayan gari ya gina ɗakuna uku. Abin da yake tsaye a kai a garin nan shi ne mutuncinsa, kuma ya san haka.

Can wajen ƙarshen waɗancan shekaru, lokacin da aka fara zuba wa ma'aikata albashi ta banki kowa ya sami kati, bankinmu ya kawo mana na'urar karɓar kuɗi da kati, wadda yanzu ko mai shayi yana da ita. A lokacin baƙuwa ce. Wata ma'aikaciyar bankin ce ta kawo, ta zauna ta yi mana bayani, ni ina saurare, Yaya yana sallamar masu siminti yana gyaɗa kai. Ta ce idan aka sa kati, takardar da na'urar za ta fitar magana ɗaya za ta faɗa cikin biyu: ko an amince, ko an ƙi. Idan an amince, mai saye ya biya, ya fita, sauran magana tsakaninmu da banki ce. Amma kuɗin ba a take suke faɗowa asusunmu ba. Ana tara cinikin yini, a tura shi a dunƙule a ranar aiki ta gaba, wani lokaci ya ƙara kwana, an kuma cire ɗan ladan banki. Asabar da Lahadi da ranakun hutu ba sa cikin lissafi. Idan kuwa an ƙi, to ba a yi ciniki ba, kada kaya su fita.

Yaya ya ce, "To kuɗin ina suke kwana kafin su iso?"

Ta yi dariya ta ce, "A hanya, Alhaji."

Bai ji daɗin amsar ba. Mutumin da ya saba ya tofa yawu a yatsa ya ƙirga, ya naɗe ya sa a aljihun ciki, ba ya son jin dukiyarsa tana kwana a hanya.

Abin da ya fara ɓata masa rai da na'urar ya faru ne ina Kano sarin kaya. Wani ɗan kwangila daga Kiyawa, sananne a wurinmu, ya ɗauki siminti mai yawa ya ba da kati. Na'urar ta yi ta juyi, can ta fitar da takarda. Kafin a duba ta, wayar mutumin ta yi ƙara, ya nuna wa Yaya saƙon bankinsa: an cire kuɗi. Yaya ya ga adadi daidai, ya ce a loda. Da na dawo na ɗauki takardar, sai na ga an ƙi ne. Layi ne ya yanke a tsakiya: bankin mutumin ya cire, amma cinikin bai kammala ba. Irin waɗannan kuɗin ba sa zuwa wurin mai shago ko da zai shekara yana jira, komawa suke yi asusun mai kati, in sun makale kuma shi ne zai je nasa bankin ya bi sawu. Na faɗa wa Yaya. Ya ce ai matar nan ta ce kuɗi na kwana a hanya, a jira. Muka jira har muka gaji. Kuɗin sun koma wa ɗan kwangilar tuni, ya ce bai lura ba, sun shige cikin wasu hidimomin. Sai bayan kaka ya biya mu, da kaɗan da kaɗan, bayan Yaya ya ci ƙafar takalmi a hanyar Kiyawa.

Ni darasin da na ɗauka shi ne a karanta takarda kafin a loda kaya. Yaya kuwa wani darasin ya ɗauka daban. A wurinsa, duk wanda ya ce "an cire min" alhali kuɗi ba su shigo ba, to an sake kama hanyar Kiyawa.

A ƙarshen azumin wata shekara, damina na ja da baya, aka yi iska mai ƙarfi da ta yaye rufin ɗakuna biyu na gidan Likita. Ranar Juma'a bayan la'asar ya zo, idonsa ja, ya ce kafinta na jira, yana so a rufe kafin wani hadarin. Bandir biyu na kwano ya ɗauka da ƙusa. Ni na karɓi katin, ni na sa, takarda ta fito da amincewa, da lambar ciniki a ƙasa. Na yage tasa na ba shi, na ajiye tamu a aljihun tebur. Yaya ma har da cewa a ƙara masa ƙusa kyauta. Aka ɗora a kura aka tafi.

Washegari Asabar, jajibirin Salla. Yaya na da alkawari da dilanmu na Kano cewa zai aika masa da kuɗi kafin Salla, ga hidimar gida, ga ɗinkin yara. Tun da hantsi yake zaro waya yana dubawa yana mayarwa. Na ce, "Yaya, yau Asabar. Gobe Lahadi, kuma Salla. Litinin da Talata gwamnati ta ba da hutu. Kafin Laraba kada ka sa rai."

Ya ce, "Haka ka ce min wancan karon."

"Ban ce ba. Wancan karon cewa na yi ba za su zo ba. Wannan za su zo."

"To mene ne bambancin? Can babu kuɗi, nan babu kuɗi."

Na ɗauko takardar na nuna masa kalmar da yatsa. Ya kalle ta kamar yadda ake kallon rubutun likita a takardar magani, ya ture. Na ce bambancin kamar na buhun da aka ɗora a mota ne da wanda ba a auna ba tukuna. Ya ce shi bai ga mota ba, bai ga direba ba. A nan na fara ɗaga murya, shi kuma ya tuna min wanda ya biya min kuɗin makarantar da nake masa taƙama da ita. Daga nan babu sauran magana, ƙani ba ya wuce wannan gurbin.

Akwai wani maƙwabcinmu mai sayar da fenti, irin mutanen da ba sa rasa abin cewa. Yana jin mu, ya leƙo ya ce ai su waɗannan mutanen sun san kan injinan nan, akwai yadda suke yi takarda ta fito alhali babu komai a ciki. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma har yau idan na tuna fuskarsa lokacin da yake faɗa raina yana ɓaci. Bai taɓa riƙe na'urar ba. Amma ya ce "su waɗannan mutanen", kuma a shekarun nan kalmar tana da nauyin da ba ta da shi a da.

Yaya ya kira Likita a waya, a gaban mutane. Ban ji abin da Likita ya faɗa ba, amma na ga fuskar Yaya ta canza, sai ya maimaita da ƙarfi: "An cire maka? Kai ma an cire maka?" Kalmomin ɗan kwangilar Kiyawa ne sak. Gaskiya Likita ya faɗa, an cire masa, domin ya biya. Sai dai saƙon cirewa iri ɗaya ne ko ciniki ya kammala ko ya faɗi, shi ya sa ba shi ake dubawa ba. Yaya ya ce, "Ni ba za a yi min zamba sau biyu ba," ya kashe wayar.

Na roƙe shi ya bari sai Laraba. Na ce idan Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce ba su shigo ba, to lokacin damuwa ya yi, kuma ko a lokacin ba ƙofar Likita za mu je ba, banki za mu je da wannan takarda da lambarta, su nemo inda kuɗinmu suka tsaya. Na ce in ya so a cire daga rabona. Ya sa hula ya fita, na ɗauka masallaci za shi. Ashe wurin mai unguwar su Likita ya nufa.

A ganin Yaya sulhu ya nema. Haka ake yi a wurinmu, idan magana ta shiga tsakaninka da wanda kake jin nauyinsa, ba ka zuwa da kanka, sai ka sa babba. Bai lissafa yadda abin zai kasance a ɗaya ɓangaren ba. Mai unguwa ya tura manzo. Manzon ya isa ana kan rufi, kafintoci a sama, maƙwabta a zaune a inuwa suna jiran shan ruwa, ya yi sallama ya ce, da muryar da kowa zai ji, ana neman Likita a kan maganar kwanon da ya ɗauko bai biya ba.

Matar Likita ce ta ba matata labarin abin da ya biyo baya. Ta ce Likita ya shiga ɗaki ya fito da takardarsa ya nuna wa manzon, manzon ya ce shi aike aka yi masa, ba karatu ba. Sai Likita ya ɗaga kai ya ce wa kafintoci su cire. Sun riga sun rufe ɗaki ɗaya sun shiga na biyu. Suka ce, "Oga, hadari fa." Ya ce su cire.

Gab da magariba kurar ta tsaya a ƙofar shagonmu. Likita na biye da ita a ƙasa, da rigar aikinsa. Shi da mai kurar suka sauke kwanon ɗaya bayan ɗaya, wanda ba a taɓa ba a gefe, wanda aka buga a gefe, kowanne da layin hudar ƙusa. Har ƙusoshin da aka zare ya tara a leda, lanƙwasassu, ya ajiye a kan benci. Mutane sun taru suna kallo.

Yaya ya miƙe ya ce, "Likita, ba haka nake nufi ba. Ni cewa na yi a bincika."

Ya ce, "Alhaji, tun yaushe ka san ni?"

Likita ya ɗora da cewa:

"Da ka zo da kanka, ko ka aiko ƙaninka, da na ba ka mashin ɗina ka riƙe har kuɗinka su zo. Amma ka aika a faɗa a gaban yarana." Ya juyo wurina ya ce, "Malam, in sun shigo ka ajiye min." Ya tafi, ana kiran salla.

Ranar Salla bayan an sauko daga idi aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muna zaune a zauren Yaya da sababbin kaya, ga tuwo ga miyar taushe, na ga ya kasa kai loma. Yana kallon ruwan da ke zuba daga indararo. Ni ma na san inda hankalinsa yake, ɗakuna biyu a buɗe a bayan gari. Duk shekara daga gidansa ake kai wa gidan Likita abincin Salla, su kuma su aiko da shinkafa da Kirsimeti. Matar Yaya ta zuba kamar kullum ta ba yara. Suka dawo a jiƙe suka ce an karɓa an ce an gode, kuma sun tarar ana ta fitar da katifu da littattafan yara. Na ji haushin Yaya a ranar fiye da yadda na taɓa ji, na kuma ji tausayinsa, don na ga shi ma ya fara zargin kansa.

Laraba da safe babu komai. Yaya ya dube ni. Bayan azahar wayarsa ta yi ƙara. Ya miƙo min ya ce in karanta. Adadin bai yi daidai da kuɗin kwanon ba, sai ya ce, da wani irin sauri kamar mai neman mafita, "Ka gani, ba su ba ne." Na ce su ne. An haɗa da ɗan cinikin da aka yi da kati a ranar, an cire ladan banki. Na lissafa masa a baki, ya bi ni a ka, don a lissafi ba a fin sa. Ya kai ƙarshe kafin ni.

Ya daɗe yana kallon tulin kwanon da ke jingine a bango. Can ya ce, "Ga kuɗinsa a hannuna, ga kayansa a shagona. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Mutumin da bai taɓa cin kwabon wani ba ya wayi gari riƙe da duka biyun.

Bai yarda ya tsaya a kan maganata ba, sai da muka je banki. Matar nan da ta kawo mana na'urar ta duba lambar ciniki ta ce tun yammacin Juma'a an biya, hutu ne kawai ya riƙe. Yaya ya tambaye ta, a hankali, yadda mutum zai gane lokacin da ya kamata hankalinsa ya tashi. Ta ce ya dubi takarda kafin kaya su fita. In an ƙi, kada ya jira komai, ko an nuna masa saƙo goma. In an amince, ya ƙirga ranakun aiki, ban da hutu, idan sun wuce abin da aka yi alkawari ya zo wurinsu da takardar, ya kuma yi mata hoto don rubutunta yana gogewa. Mai saye dai ya gama nasa. Duk abin da ta faɗa a ranar farko ne, kuma duk abin da na faɗa ranar Asabar ne. Wannan karon ya saurara har ƙarshe.

Daga bankin ya ciri kuɗin Likita cif, bai rage ladan da aka cire mana ba. Ya sa aka ɗora sabon kwano a kura. Ya bi ta gidan mai unguwa ya ce shi da manzon nan su zo, inda aka faɗa a nan za a janye. A ƙofar gidan, a gaban maƙwabtan, Yaya ya cire hula ya ce shi ne ya yi kuskure, Likita ya biya tun ranar farko, yana roƙon gafara. Ban taɓa ganin kansa babu hula a waje ba sai ranar.

Likita ya karɓi kuɗinsa. Kwanon kuwa ya ce a mayar, wani abokin aikinsa ya riga ya karɓo masa a wani shagon. Ya ce, "Na yafe, Alhaji. Allah ya yafe mana duka." Ya miƙa hannu suka gaisa. Na yarda har zuciyarsa ya yafe, don bayan haka ko a hanya aka haɗu zai tsaya a gaisa, a tambayi iyali, da Kirsimeti ma shinkafa ta zo. Amma bai sake zama a bencinmu ba. Yakan wuce da yamma a kan mashin, ya ɗaga hannu. Da ya yi ritaya ya sayar da gidan da ya ce a ciki zai tsufa, ya koma garinsu.

Kwanon da ba a buga ba ya shiga cikin kaya an sayar. Mai hudar ba ya sayuwa. Na ce a ba almajiran kafinta ko a yi wa awaki rumfa da shi a gida. Yaya ya ce a'a. Ya sa aka kwance tsohuwar rumfar gaban shago, aka rufa ta da shi, daidai saman bencin. Kafinta ya kawo kwalta zai liƙe hudojin, Yaya ya hana. Ya rayu damina da yawa bayan haka, kuma duk mai sayen da ya sa kati, Yaya zai miƙo min takardar ya ce, "Me ta ce?" In na ce an amince, sai ya ce wa mutumin, "Ka biya. Jeka, Allah ya amfana."

A daminarsa ta ƙarshe, ƙafa ta riga ta ƙi, mukan kawo shi shago ya zauna don ya ga mutane. Wata yamma ruwa ya sauko, yana ɗiga masa a kafaɗa. Na tashi zan ja bencin, ya riƙe min hannu.

Ya ce, "Bar shi. Su a kan katifa ya zuba musu."